Yadda Ake Rubuta Tambayar Jarrabawa Mai Auna Hukuncin Ɗalibi a Gaban Marar Lafiya

Akwai tambayar da kusan kowane malamin makarantar kiwon lafiya a Tahoua ya taɓa sa wa a takarda: miligiram nawa na artesunat, allurar masassarar cizon sauro mai tsanani, ake ba yaron da bai kai kilo 20 ba? Amsar ita ce miligiram 3 a kowane kilo, kuma tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da wannan shawara. Tambayar ba ta da laifi, domin dole ɗalibi ya san adadin. Amma wanda ya ci wannan maki ya nuna mana abu ɗaya kawai, wato ya yi hadda. Bai nuna mana abin da zai yi ba ranar da aka tura shi gidan likitan ƙauye shi kaɗai, cikin damina, aka shigo masa da yaro a sume, ga magani iri uku a gabansa kuma kowanne yana da amfani, amma ɗaya ne ya kamata ya fara ɗauka.

George Miller, wani malamin likitoci na Amurka, ya kasa ƙwarewar ma'aikacin lafiya hawa huɗu a 1990: ya sani, ya san yadda zai yi amfani da sanin, ya gwada a gaban malami, sannan ya aikata a bakin aiki. Takardar jarrabawa ba ta wuce hawa na biyu. Ba za ta gaya maka ko hannun ɗalibi na iya samun jijiyar yaro ba, wannan sai a wurin istaj, wato koyon aiki a asibiti. To amma hawa na biyun nan ma yawancin tambayoyinmu ba sa kaiwa, alhali ana iya kai su. Zan bi tambaya guda ɗaya tun daga tushe har bayan gyaran takardu. Jarrabawarmu da Faransanci ake yin ta, misalin nan kuwa da Hausa zan kawo shi, amma aikin duk ɗaya ne.

Fara da kuskure, ba da littafi ba

Idan ka buɗe littafi ka ce bari in ciro tambaya daga wannan shafi, abin da za ka ciro hadda ce, domin littafi jerin bayanai ne. Rufe shi tukuna. Tambayi kanka: a wannan darasi, wane hukunci ne sabon ma'aikaci yake yawan yankewa ba daidai ba, har marar lafiya ya cutu?

A masassarar cizon sauro mai tsanani, ga wanda nake yawan gani. Ɗalibi na ganin gwajin gaggawa ya nuna akwai cutar, sai hankalinsa duka ya koma kan artesunat. Ya tafi haɗa allura, ya zuba ruwan narkarwa, ya tsaya yana kaɗa kwalba har garin ya narke, ya lissafa kilo. Duk wannan lokaci yaron na kwance sukarin jininsa ya faɗi ƙasa, ƙwaƙwalwarsa na ƙishin abin da ake iya ba ta cikin mintuna kaɗan. Artesunat wajibi ne, amma aikinsa na awoyi ne. Ƙarancin sukari kuwa ba ya jira.

Sai ka rubuta manufarka a jimla ɗaya a saman takardarka: ɗalibi ya gane ƙarancin sukari a jikin yaron da ya suma, ya kuma gyara shi kafin komai. Duk abin da za ka ƙara daga baya, ka auna shi da wannan jimla. Tambaya ɗaya, hukunci ɗaya. In ka haɗa gano cuta da lissafin magani da lokacin turawa a tambaya guda, wanda ya faɗi ba za ka san a ina ya faɗi ba.

Tara amsoshin kuskure tun kafin ka rubuta labarin

Mafi yawanmu a nan muke yin gaggawa. Mukan rubuta amsar daidai da kulawa, sannan mu cike sauran gurabe da duk abin da ya zo kai. Ɗalibi mai wayo na kallo ɗaya zai zubar da su, tambaya mai zaɓi huɗu ta koma mai zaɓi biyu.

Amsar kuskure mai kyau ba a ƙirƙirar ta a ofis, a bakin ɗalibai ake samun ta. Hanya mafi sauƙi ita ce ka kawo labarin a aji ba tare da zaɓi ba, ka ce kowa ya rubuta a ƴar takarda abin da zai fara yi, kar ya sa suna. Ka tattara ka ware su tsibi-tsibi. Manyan tsibin da ba daidai ba su ne zaɓuɓɓukanka na baɗi. Haka kuma ka zauna da majo-majon da ke karɓar ɗalibanka a istaj, ka ce: “Majo, me yaran nan suka fi yi ba daidai ba in an kawo yaro a sume?” Abin da zai faɗa maka cikin minti biyar ya fi abin da za ka tsara kai kaɗai a yini guda.

A misalinmu, abubuwa uku ke fitowa. Wasu su ce artesunat nan take, domin ita ce maganin cutar. Wasu su ce diyazefam, domin sun ji kalmar jijjiga, ba su lura ta riga ta tsaya ba. Wasu kuma su ce a tura yaron babban asibiti maza-maza, domin an koya musu cewa ciwo mai tsanani ba na ƙaramin gidan likita ba ne. Ka lura babu shirme a cikin ukun nan. Kowace na da hanyar tunani a bayanta, kuma a kowace hanya akwai wurin da ɗalibi ya kauce. Rubuta wannan wurin a gefen kowace amsa. In ka kasa faɗin wane irin ɗalibi ne zai zaɓi wata amsa da kuma dalilinsa, to ba ta cancanci zama a takardar ba.

Labarin marar lafiya

Yanzu ne za ka rubuta labarin, kuma ka bi tsarin da ma'aikaci ke samun bayani a zahiri: shekaru da jinsi, wurin da ake, abin da ya kawo su, abin da uwa ta faɗa, abin da ido da hannu suka gano, sannan sakamakon gwaji. Ga namu:

“Cikin watan Satumba, an kawo yaro ɗan shekara 3 mai nauyin kilo 12 gidan likitan wani ƙauye da ke kilomita 45 daga asibitin gunduma. Kwana 3 ke nan yana zazzaɓi da amai, tun jiya bai ci komai ba. Mahaifiyarsa ta ce ya yi jijjiga a gida, ta tsaya wajen minti 40 da suka wuce, amma bai farka ba. Yanzu ba ya jijjiga. Ba ya amsa kira, yana janye hannu in an matse masa farce. Hanyar numfashinsa a buɗe take, yana numfashi ba wahala, wuyansa bai sanƙare ba. Zafin jiki 39,2. Gwajin gaggawa na masassarar cizon sauro ya nuna akwai ta. Sukarin jini giram 0,35 a lita. An riga an samu jijiya, an sa masa allurar da ake bi a ba da magani.”

Abu mafi muhimmanci a nan shi ne abin da ban rubuta ba. Ban ce yaron yana da ƙarancin sukari ba. Na ba da adadi ne tsurarsa, ɗalibi ya fassara da kansa. Wanda ya san cewa ƙasa da giram 0,40 a lita na cikin alamomin tsananin wannan cuta zai gane. Da na saka sunan matsalar, da na yi masa rabin aikin, abin da ya rage kawai ya haɗa kalmar sukari da kalmar gulukos. Haka ban ce dogon suma ba, na faɗi abin da yaron ke yi da wanda ba ya yi. Marar lafiya ba ya zuwa da sunan cutarsa a rubuce a goshi, don haka kar labarinka ya zo da shi.

Kowace jimla kuma tana da aikinta. “Yanzu ba ya jijjiga” ita ke rufe ƙofar diyazefam ga mai karatu da lura. Kilomita 45 na nuna cewa turawa ba tsallaka titi ba ce, yaron zai daɗe a hanya. Maganar numfashi na kawar da gardamar wanda zai ce ai hanyar iska ake fara dubawa, kuma yana da gaskiya. Allurar jijiya da aka riga aka sa na hana a ce to in ba a samu jijiya ba fa, sai a bi ta bututun hanci ko a sa sukari ƙarƙashin harshe. Ka bi labarinka jimla-jimla haka. Wadda ba ta buɗe wata amsa ba, ba ta rufe wata ba, kuma ba ta cikin abin da ma'aikaci ke gani kullum, cire ta. Ɗalibanmu da yawa da harshe na biyu ko na uku suke karatu, kuma dogon labari mai ado yana auna Faransancinsu ne, ba hukuncinsu ba.

Kar ka yi wa ɗalibi ƙarya a labari. Bayanin da ke jan hankali zuwa wani gefe halas ne in haka yake faruwa a asibiti. Amma saka alamar da ba ta dace da cutar ba don kawai a ruɗa shi, wannan tarko ne, kuma ɗaliban da suka fi sani su yake kamawa.

Jimlar tambaya

Ta zama gajera, cikakkiya, mai neman hukunci: “Wane mataki ya kamata ma'aikacin ya fara ɗauka yanzu?”

Sai ka gwada ta. Sa tafin hannunka ka rufe zaɓuɓɓukan, ka ba abokin aiki ya karanta labarin da tambayar kawai. In ya iya faɗin amsa ba tare da ya ga zaɓi ba, tambayar ta tsaya da ƙafarta. In ya ce “sai na ga amsoshin tukuna”, akwai gyara. Irin tambayar nan ta “wanne daga cikin waɗannan bayanai ne gaskiya game da masassarar cizon sauro” kullum tana faɗuwa wannan gwaji, domin tambayoyin i-ko-a'a huɗu ne aka ɗaure wuri ɗaya.

Akwai gwaji na biyu, kishiyar na farko. Rufe labarin, ka bar tambaya da zaɓuɓɓuka. In ana iya amsawa haka, labarin ado ne kawai. Wannan na faruwa sosai: a rubuta layi takwas kan yaro mai zazzaɓi, a ƙarshe a tambayi sunan sauron da ke yaɗa cutar.

Tsarin da muka gada na “zaɓi amsa ko amsoshin da ke daidai” bai dace da wannan aiki ba. Yana buƙatar kowace amsa ta zama gaskiya ɗari bisa ɗari ko ƙarya ɗari bisa ɗari, aikin jinya kuwa ba haka yake ba. Artesunat a labarinmu gaskiya ce ko ƙarya? Gaskiya ce, sai dai ba ita ce ta farko ba. Tsarin amsa ɗaya mafi dacewa ne kaɗai ke iya ɗaukar wannan bambanci. Tambayar “wanne ne ba a yi” ita ma ka rage ta, domin a gaban gado abin yi ake nema.

Zaɓuɓɓuka

A. Allurar artesunat miligiram 36 ta jijiya
B. Diyazefam miligiram 6 ta dubura
C. Ruwan gulukos na kashi 10, mililita 60, ta jijiya
D. Tura yaron asibitin gunduma nan take

Amsar ita ce C: mililita 5 a kowane kilo, sau kilo 12. Bayanta a sake auna sukarin, a ba da artesunat ba tare da ɓata lokaci ba, sannan a shirya turawa.

Dubi adadin da ke cikin A da B. Dukansu daidai suke: miligiram 3 sau 12 ya ba da 36, rabin miligiram sau 12 ya ba da 6. Da gangan na yi haka. Da na sa artesunat miligiram 100, mai hadda zai jefar da ita saboda lissafi, ba saboda ya fahimci abin da ya fi gaggawa ba, sai tambayar ta koma inda muka gudo. Amsar kuskure mai kyau abu ne da ake yi da gaske, a adadinsa na gaskiya, amma ba ga wannan marar lafiya ba ko ba a wannan minti ba.

Ga ma'aunin da na fi dogara da shi: sauya abu ɗaya a labarin, ka ga ko amsar kuskuren za ta zama daidai. Mai da sukarin giram 0,90 a lita, sai A ta zama amsa. Bar sukarin a giram 0,90 ɗin, ka ce yaron na jijjiga a gabanka fiye da minti 5, sai B ta hau. Ka ce an gyara sukari, an ba da artesunat ta farko, amma tafin hannunsa fari fat kuma awon jininsa giram 3,5 ne a desilita, sai D ta zama dole, domin ƙarin jini yake buƙata. Amsar da babu wani sauyin da zai mai da ita daidai, kamar a ce a ba yaron da ke sume ƙwayar haɗiya, cikon gurbi ce. Wannan ma'auni yana da wata riba: daga labari ɗaya ka samu tambayoyi huɗu, kuma ɗaliban da suka karɓi amsar bara daga yayyensu ba za su ci da ita ba.

Wani zai so ƙara ta biyar, a ce ƙarin jini. Ni ba zan sa ba. Duk ɗalibin da ya yi istaj ya san ba a ƙarin jini a ƙaramin gidan likitan ƙauye, don haka ba wanda zai taɓa ta. Ba dole ba ne zaɓi ya kai biyar. Michael Rodriguez ya tattara binciken shekaru 80 a 2005, ya nuna cewa zaɓi uku sun wadatar a yawancin tambayoyi. Uku masu rai sun fi biyar da biyunsu matattu ne.

Ramukan da amsa ke zuba

Kafin ka kai tambayar gaba, duba ta da idon ɗalibin da bai yi karatu ba amma ya iya jarrabawa. Abin da yake fara nema shi ne amsar da ta fi tsawo, domin malami kan yi wa amsar daidai ƙarin sharaɗi don kar a kama shi. Da C ta zama “ruwan gulukos ta jijiya a hankali, sannan a sake auna sukari, a ba da artesunat, a tura shi”, ko ɗan aji ɗaya zai zaɓe ta. Yana neman “kullum” da “ko kaɗan” ya zubar, tunda ya san aikin likita ba ya son su. Yana neman amsoshi biyu masu kishiyantar juna, domin sau da yawa ɗayarsu ce. A Faransanci kuma jinsin kalma na tona asiri: in tambaya ta ƙare da harafin mace, amsoshi biyu kuma maza ne, sun fita da kansu. “Duk na sama” da “babu ko ɗaya” ka bar su gaba ɗaya. Jera zaɓuɓɓuka bisa haruffa ko bisa girman adadi, don kar hannunka ya saba ajiye amsa a gurbi ɗaya.

Sannan ka ba mutum biyu da ke aikin yara su amsa, kowa shi kaɗai, ba tare da ka nuna musu amsarka ba. In ɗayansu ya ce, “Malam, ni artesunat zan fara, domin a wurinmu mu biyu ne, ɗaya na haɗa wannan ɗaya na ba da wancan,” kar ka yi gardama. Ya nuna maka rami ne. Ƙara a labarin cewa ma'aikacin shi kaɗai ne a bakin aiki. Ka kuma tabbata amsarka ta dace da ƙa'idar jinya ta ƙasa da aka koyar da ɗaliban, ba da al'adar asibitin da ka yi aiki ba. Wajen lokaci, ka ba irin wannan tambaya minti ɗaya da rabi, wato tambaya 40 a awa guda.

Bayan an gyara takardu

Takardun da kansu za su gaya maka ko tambayar ta yi aiki, kuma alƙalami da takarda sun isa. Mu ƙaddara aji mai ɗalibai 60. Ka ƙirga: 36 sun zaɓi C, 15 sun zaɓi A, 7 sun zaɓi B, 2 sun zaɓi D. Raba 36 da 60, ka samu 0,60. Tambayar ba ta yi sauƙi ainun ba, ba ta kuma gagari aji ba.

Yanzu jera takardun bisa jimlar makin jarrabawa duka. Ɗebi kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, wato takardu 16 kowane gefe. A ce 14 na sama sun ci tambayar, na ƙasa kuma 5. Cire 5 daga 14, ka raba 9 da 16, ka samu 0,56. Daga 0,40 zuwa sama ana ɗaukar tambaya ta rarrabe masu fahimta da marasa ita sosai. Ƙasa da 0,20 tana buƙatar gyara. In lissafin ya fito ƙasa da sifili, wato na ƙasa sun fi na sama ci, ka fara duba ko amsar da ka sa a takardar gyara ce ba daidai ba, sannan ka duba ko akwai abin da masu ƙoƙari suka hango a labarin wanda kai ba ka hango ba.

Ka dubi amsoshin kuskuren su ma. D mutum 2 kawai ta ja cikin 60, bai kai kashi 5 cikin ɗari ba, kuma wannan ne mizanin da aka saba ɗauka na amsar da ba ta aiki. Ɗalibai 60 kaɗan ne, don haka kar ka yanke mata hukunci a shekara ɗaya. In ta sake yin haka baɗi, ka cire ta ko ka maye gurbinta da wani kuskuren da ka ji a bakin ɗalibai. Su kuwa 15 ɗin da suka zaɓi artesunat, rubu'in ajinka ke nan, kuma ka san ainihin inda tunaninsu ya kauce. Kafin su tafi istaj na gaba, ka dawo da labarin aji, ka sa na'urar awon sukari da kwalbar artesunat da ruwan gulukos a kan tebur, ka kira su ɗaya bayan ɗaya kowa ya ɗauki abin da zai fara da shi ya faɗi dalilinsa.